Riƙon Ummi

Ranar sadakar arba'in aka yanke maganar, a zauren gidan surukaina da ke ƙauye, kuma ba da ni aka yi ba. Matar ƙanin maigidana ce ta rasu wajen haihuwa, jaririn ma bai zo da rai ba, ta bar yarinya 'yar shekara shida. Uban direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga Arewa zuwa Legas, sai ya yi sati biyu bai kwana a gida ba. Hajiya, surukata, ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Saboda haka da muka tashi komawa Zariya, sai ga yarinya a bayan mota da jakar leda mai ɗauke da kaya kala huɗu da allonta. Hajiya ta leƙo ta taga ta ce mini, "To, ga amana nan, Allah ya ba ki ikon riƙewa." Na ce amin. Iyakar yarjejeniyar ke nan. Ba wanda ya ce wa zai biya kuɗin makaranta, ba wanda ya ce riƙon na shekara nawa ne, ni ma kunya ba ta bar ni na tambaya ba.

Sunan Hajiya ta ci, don haka kowa Ummi yake ce mata. A lokacin ina da uku: Abba yana da shekara goma, Nana bakwai, sai auta a goye. A raina na ɗauka abin mai sauƙi ne. Ni ba muguwa ba ce, ina tsoron Allah, na kuma ji hadisin mai kula da maraya tun ina Islamiyya. Na ce abin da na yi wa Nana shi zan yi mata, shi ke nan.

Watannin farko sun wuce da abin da kowace mariƙiya ta sani. Fitsarin kwance ya dawo mata bayan ta daɗe da dainawa. Na sami guntun burodi a cikin jakarta har sau biyu, ya yi funfuna. Ba ta kuka, ba ta roƙo, in an tambaye ta ko ta ƙoshi sai ta ɗaga kai. Na sayo ledar katifa, na daina ba su ruwa da yawa bayan isha'i, ina tashin su biyun da tsakar dare su kama ruwa don kada a ce ita kaɗai ake tasa. Wannan duk na yi shi da kyau, har ina yabon kaina.

Bayan kamar wata takwas Hajiya ta zo asibiti a Zariya, ta kwana uku a wurinmu. Ran da za ta tafi, ina haɗa mata tsaraba, sai ta ce cikin dariya, "Ni kuwa Maman Abba, gidan nan Ummi kaɗai Allah ya yi wa ƙafa?" Na yi dariya ni ma, amma cikina ya ɗuri ruwa. Da ta tafi na yi ta faɗa a zuci: ga abinci, ga sutura, ga katifa ɗaya da 'yata, sannan a ce ina bambanci? Da daddare na kai wa maigidan ƙara. Bai goyi bayan kowa ba. Cewa ya yi, "Ki ƙirga mana. Ai aike abu ne da ake iya ƙirgawa."

Na ƙirga ɗin, don in wanke kaina. Na juya bayan kalandar da ke rataye a ƙofar kicin, na rubuta sunaye uku, na ɗaura biro da zare. Duk wanda na kira ya yi wani abu, ko miƙo ludayi ne, sai in ja layi a ƙarƙashin sunansa. Ranar farko ina sane, ina rarrabawa. Zuwa rana ta uku aiki ya sha kaina, bakina ya koma yadda ya saba. Da sati ya cika na zauna na haɗa: Abba 9, Nana 12, Ummi 41.

Na daɗe ina kallon kalandar nan. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban taɓa niyyar haka ba, ko sau ɗaya. Da na bi diddigi sai na gane yadda abin yake shigowa. In na kira Nana, sai ta turo baki, ta ce yanzu ta zauna, sai na maimaita sau uku. In na kira Abba, ya ce yana aikin makaranta, ko kuma ba ya ma cikin gidan. In na ce "Ummi", kafin in rufe baki tana tsaye a gabana. Mace da ke fama da tukunya a wuta da yaro a baya, bakinta yana zuwa ne ga sunan da ba zai ja mata magana ba. Ita kuma yarinyar ba ladabi kaɗai ke sa ta tashi da sauri ba, tsoro ne. Tana ganin zamanta a gidan sai ta biya shi da wani abu. Da rashin musunta da gajiyata suka haɗu suka mai da ita 'yar aiki, ana kuma yabonta a kai: "Ummi akwai hankali." Yanzu in na shiga gida na ji ana yawan yabon hankalin ɗan riƙo, nakan saci kallon hannunsa.

Tun daga ranar na daina dogara da zuciyata a wannan fanni, na koma ga tsari. Manyan ayyuka huɗu ne a gidanmu: wanke-wanke, shara, ɗiban ruwa daga rijiya zuwa randa da durom, da kai markaɗe. Ɗiban ruwa na bar wa Abba shi kaɗai saboda ƙarfi, har da markaɗe in da nisa. Wanke-wanke da shara kuwa kwana-kwana ne tsakanin 'yan matan, wadda ta yi wanke-wanke yau gobe shara ce tata. Ƙananan aike su suka fi wuyar kamawa, don ba sa zuwa da lokaci. Sai na sa Abba ya kafa ƙusa uku a jikin ƙyauren kicin, kowa da tasa, na rataya wani tsohon zoben makulli. Wanda zoben ke kan ƙusarsa shi ne a layi. In ya je ya dawo, shi da kansa zai matsar da zoben gaba. Nana ta yi bore na sati biyu. Ummi kuwa sai ta riƙa tashi ko ba layinta ba ne, sai na ce, "Zauna, ba ke na kira ba." Wannan kalmar ta fi ba ni wuya fiye da tilasta wa Nana, domin aikin yana jira, ga mai son yi, amma dole in hana ta.

Nama ma sai da na sake masa tsari. Da farko a kwano ɗaya nake zuba wa 'yan matan, ina ganin hakan ne zai haɗa kansu. Da na tsaya na lura, sai na ga Ummi tana cin gefenta a hankali, in sun zo kan nama ta janye hannu har sai Nana ta zaɓa. Ba wanda ya koya mata. Na raba musu kwano na kusan shekara guda, duk da Hajiya ta ce raba kwano raba zumunci ne. In abu ne da za a gutsura, kamar rake ko tsiren da babansu ya shigo da shi, doka ɗaya ce: wanda ya raba shi ne zai ɗauka a ƙarshe. Ba ka taɓa ganin adalci irin na yaron da ya san ragowar ce tasa ba.

Daga nan kuma sai na zarce, na faɗa ɗaya ramin. Maganar Hajiya ta sa mini tsoron bakin dangi. Kada a ce matar baffa ta ci zalin marainiya. Sai ya zamana Ummi ba ta laifi a wurina. In su biyu suka ɓata abu, Nana nake yi wa faɗa. In baƙi suka zo, Ummi nake fara gabatarwa, ita nake yabo. Ina ganin ai ka ƙi naka duniya ta so shi. Na kai wajen shekara a haka.

Wata rana da la'asar suna guje-guje a falo suka ture fulas ɗin shayin babansu, kwalbar ciki ta tarwatse. A gabana aka yi, kuma Ummi ce ta ture, Nana tana bin ta ne. Na ɗauko bulugari na zabga wa Nana biyu a ƙafa, na ce ita ce babba. Ummi na ce ta je ta ɗauko tsintsiya. Da daddare na shiga ɗakinsu duba gidan sauro, na tarar Nana ba ta yi barci ba, ta juya wa bango fuska. Na taɓa ta, sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Umma, da ma ni ce uwata ta mutu."

Ban iya ce mata komai ba a daren. Na fita tsakar gida na zauna a kan turmi. Yarinya 'yar shekara tara ta auna gidan ubanta, ta ga maraici ya fi riba. Sai kuma na tuna watannin baya, yadda ta fara ɓoye wa Ummi sabulu, yadda take cewa "wannan na babanmu ne" da ƙarfi don a ji. Ni ina ta yi mata wa'azin son ɗan'uwa, ashe ni nake hura wutar.

Kashegari na tara su uku na ba Nana haƙuri a gaban sauran, abin da uwata ba ta taɓa yi mini ba. Na ce fulas Ummi ce ta fasa, kuma su biyun sun yi gudu a falo, don haka su biyun ba kallon talabijin kwana uku. Muka zauna da babansu muka tsayar da laifuffuka da hukuncinsu tun kafin a aikata: ƙarya, zagi, fita ba izini, ƙin zuwa Islamiyya. Kowane da abin da ke biyo bayansa, ko waye ya yi. Duka kuwa na ajiye shi gaba ɗaya, ba don na zama wata mai ra'ayin zamani ba. Na gane ba zan iya auna hannuna ba ne. In na daki Ummi, ko dai in sassauta don tsoron magana, ko in tuna ba ni na haife ta ba bayan na gama in kasa barci. Hana kallo da hana zuwa gidan biki kuwa ana iya auna su daidai.

Abin mamaki, ranar da na fara yi wa Ummi faɗa na gaske, a kan ta ɓoye takardar jarrabawar da ta faɗi, ta yi kuka sosai, irin mai sauti, wanda ban taɓa ji daga bakinta ba tun zuwanta. Bayan kwana biyu na aike ta ta turo baki ta ce, "Umma ai layin Nana ne." Na juya baya don kada ta ga ina murmushi. Baƙo ne ba a yi wa faɗa, ita ma ashe ta san haka. Abu ɗaya kawai na haramta wa kaina da kowa a gidan, komai zafin rai: gori. Ba "gidan ubanki", ba "abin da muke yi miki", ba "sai in mayar da ke". Abba ya taɓa suɓutar baki ya ce mata ta koma ƙauyensu. Babansa bai ɗaga murya ba, ya dai ce masa, "Ƙauyen nan can aka binne cibiyata. In za a kore ta, da ni za a haɗa."

Kayan sallah ba su ba ni wahala ba da farko. Turmin atamfa yadi shida ne, yana isar yara biyu masu wannan shekarun, sai in raba musu, tela ɗaya, ɗinki ɗaya, takalmi iri ɗaya. Da suka fara girma suka ƙi anko, sai na koma sayen kala biyu masu kuɗi ɗaya, a shago ɗaya, a gabansu. Ƙaramar sallah Nana ke fara zaɓa, babbar sallah Ummi. Matsalar daga waje ta riƙa shigowa. Baban Ummi in ya dawo daga Legas sai ya zo da takalmi ko jaka, guda ɗaya tak, ya miƙa wa 'yarsa a gaban sauran. Ƙannena kuma in sun zo daga Kano, tsarabar Nana daban, Ummi sai alewa. Kowa yana ganin nasa ya yi wa.

Na yi tunanin in riƙa karɓewa ina ɓoyewa, amma kyauta ta wanda aka ba ce, ba ni da hurumin ƙwacewa. Sai na bi ta kan manya. Ƙannena na gaya musu kai tsaye: in biyu ba za ta samu ba, ku kawo abin da za a raba, ko ku zo hannu rabbana, ba zan ji haushi ba. Ƙanin miji kuwa ba a yi masa irin wannan magana, sai na bi ta wajen yayansa. Da ya zo na gaba ya russuna ya ce, "Yaya, wallahi ban lura ba ne." Tun daga nan in ya sayo wa Ummi abu mai tsada, ni yake ba a ɗaki, in nemo wa Nana kwatankwacinsa, a fito da su rana ɗaya. Wani lokaci takalmin yakan yi wata guda a ƙasan akwatina kafin in haɗa kuɗin na biyun.

Kuɗi su ne inda na fi jin tsoron lahira. Da aka raba gadon mahaifiyarta, iyayenta sun riga ta rasuwa, miji ya ɗauki rubu'i, Ummi ta sami rabi, ragowar ya tafi ga yayan mamaciyar. Rabon Ummi ya zo hannunmu: keken ɗinki, ɗan kunnen zinare, da tumaki biyu da aka bari a ƙauye ana kiwo. Ban da wannan, ubanta yakan turo kuɗi, wani wata ya turo, wani wata shiru. Shekara biyun farko kuɗin nan cikin cefane suke narkewa, ba wanda ya san nawa ne. Sai malamarmu ta Islamiyyar matan aure ta kai mu farkon Suratun Nisa'i, inda aya ta 6 ta ce in za a miƙa wa marayu dukiyarsu a kafa shaidu, aya ta 10 kuma ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikinsu. Na tambaye ta bayan darasi. Ta ce a shari'a maraya shi ne wanda uba ya rasu kafin ya balaga, don haka Ummi ba marainiya ba ce ta wannan fuska ko da Bahaushe yana kiranta haka, kuma ciyar da ita wajibin ubanta ne tun da yana raye yana da sana'a. Amma dukiyarta amana ce a hannunmu ko ta wace fuska aka duba.

Na sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Shafin hagu abin da ya shigo da sunanta, da kwanan wata, shafin dama abin da ya fita da dalilinsa. Muka kira ubanta aka yi maganar da ya kamata a yi tun ranar arba'in: ci da sha da sabulu da kayan sallah namu ne, mun ɗauka don Allah da zumunci, ba ma son ko kwabo. Abin da ya turo na makaranta ne da asibiti. Gadonta ba mai taɓawa. In tunkiya ta haihu a rubuta, in an sayar da rago a rubuta. Keken ɗinkin na so in riƙa amfani da shi, tun da nawa ya tsufa, sai malamar ta ce in dai zan yi, in yanka masa kuɗin haya in riƙa zubawa a shafin hagu. Haka na yi. Maigidan yana yi mini dariya wai ina biyan 'yata haya, amma duk ƙarshen shekara shi ke sa hannu a ƙasan shafin.

Shekarar da Ummi ke aji biyar na firamare abubuwa suka tsaya mana. Albashin maigidan ya yi watanni bai zo ba, motar da ubanta ke ja ta lalace, ya zauna ba aiki. Yara uku a makarantar kuɗi, abin da ke hannu na mutum biyu ne. Ba sai na faɗi shawarar da mutane suka ba mu ba, har da 'yan'uwana: a mai da Ummi ta gwamnati, ai ba wanda zai zarge ku, ubanta ne bai turo ba. Gaskiya ni ma zuciyata ta karkata can, don lissafin ya fita tsaf. Maigidan ne ya ce a duba aji, kada a duba wanda ya haifa. Abba yana shekarar jarrabawar fita daga ƙaramar sakandare, cire shi asara ce, ya zauna. 'Yan matan biyu kuwa tare aka cire su, tare aka kai su makarantar gwamnati ta unguwarmu, aka ɗinka musu yunifom rana ɗaya. Kuɗin mutum ɗayan da ya rage muka ɗauki malamin da ke zuwa gida da yamma sau uku a sati yana yi musu lissafi da Turanci. Nana ta yi kukan rabuwa da ƙawayenta, ta kuma san cewa da ba don Ummi ba da ba a cire ta ba. Ban ɓoye mata ba. Na ce mata da ke ce a gidan baffanki, me za ki so a yi? Ba ta amsa ba, ta kwana biyu ba ta yi mini magana sosai. Bayan zango huɗu suka koma tare.

Akwai kuma wuraren da ba a daidaitawa, ko an so. Wajen rajistar jarrabawar gama firamare, malamin ajinsu ya rubuta wa Ummi sunan maigidana a matsayin uba, don shi ya sani. Ita kanta ta ji daɗi. Maigidan ya je da takardar haihuwarta ya sa aka gyara. Ta dawo gida tana kumbure-kumbure, tana ganin an ƙi ta ne. Ya zaunar da ita ya ba ta labarin Zaidu ɗan Harisa, wanda ake kira Zaidu ɗan Muhammadu har sai da aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta sauka ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Ya ce, "Manzon Allah ya fi ni son Zaidu, amma bai hana shi sunan ubansa ba. Ubanki yana raye, yana kwana a kan titi saboda ke." Sannan ya yi wata dabara da ta kwantar da maganar: ya sa aka ƙara sunan kakansu a ƙarshen sunan yaran duka, tun da shi da baban Ummi uba ɗaya ne. A rajista yanzu na tsakiya ne kawai ya bambanta.

Maganar muharramaka ta fi wannan nauyi. Maigidan baffanta ne, babu aure tsakaninsu har abada. Abba kuwa ɗan baffa ne, aure ya halatta, ko da a tabarma ɗaya suka tashi. Da tana jaririya ta zo na shayar da ita cikin shekara biyun farko, da ta zama 'yar'uwarsu ta nono, magana ta ƙare. Amma da shekara shida ta zo. Tun zuwanta Abba ba ya kwana ɗakinsu, da ya kai goma sha uku aka gyara masa ɗakin da ke jikin zaure. Da ta fara zama budurwa, ban so in ce mata ita kaɗai ta rufe kai a gaban wanda take kira Yaya ba, alhali Nana na yawo da kitso a buɗe. Sai na mai da shi dokar gida: mace ba ta fitowa tsakar gida ba ɗankwali da mayafi, Abba kuma ba ya shiga ɗakin 'yan mata, in zai shigo cikin gida ya yi sallama ya jira a amsa. Dalilin na gaya mata daga baya, mu biyu, ina yi mata tsifa. Ta ce ai ta sani, an koya musu a Islamiyya, tana jira ne ta ga ko zan faɗa.

Gado shi ne na ƙarshe da muka taɓa. Ummi ba za ta gaji maigidana ba, ba za ta gaje ni ba. Hanyar da shari'a ta bari ita ce kyauta tun ana raye, a kuma miƙa ta a hannu, ko wasiyya ga wanda ba magaji ba, wadda ba ta wuce sulusin dukiya. Maigidan ya so ya rubuta a ba ta kwatankwacin rabon 'ya mace. Kafin ya kira shaidu ya ce bari ya ji ta bakin Abba, lokacin ya shiga jami'a. Na zaci zai ce to kawai. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ba ƙi nake ba. Amma ita za ta gaji Baffa, ga na mahaifiyarta a ajiye. Nana fa nan kaɗai take da shi." Raina ya ɓaci a lokacin, na ga kamar rowa ce. Uban ya yi shiru, ya ce a bar maganar sai wani satin. Da ya dawo kanta sai ya canza: in ya rasu kafin Ummi ta gama karatu ko ta yi aure, a fitar da kuɗin karatunta da na kayan ɗakinta daga cikin sulusi, daidai da abin da za a kashe wa Nana. In ya ga aurenta da ransa, wasiyyar ta faɗi. Aka rubuta, limamin masallacin unguwa da wani maƙwabcinmu suka sa hannu, Abba ma ya karanta.

Yanzu Ummi tana da shekara goma sha bakwai, Nana sha takwas. Tumakin nan biyu sun zama tara, ban da waɗanda aka sayar aka rubuta. Littafin ya cika, ina kan na biyu. In mai nema ya fito, wurin ubanta za a tura shi, shi ne waliyyi, mun riga mun faɗa masa kada ya ce ya bar wa yayansa don kunya sai in har zuciyarsa hakan yake so. Ni dai nawa kayan ɗaki ne. Na shiga adashi hannu biyu, duk kwasa in sayi abu bibbiyu in tura ƙarƙashin gado. Watan jiya na je kasuwar Sabon Gari sayen tukwane, na tarar saiti ɗaya ya rage irin wanda nake so, mai kaurin gindi, sauran duk masu shara-shara ne. Mai shagon ya ce in ɗauki mai kyan ɗaya da ɗaya daga cikin waɗancan, ai ba mai ganewa sai an ɗora a wuta. Na tsaya riƙe da murfin tukunyar, kuma wallahi na san wadda zuciyata ta riga ta ba mai kyan. Na ajiye, na ba shi kafin alƙalami, na ce in na biyun ya iso ya kira ni in zo in kwashe su tare.